Baba ya sa ranar walima, ni kuwa lissafin kundina bai haɗu ba

Assalamu alaikum Malam. Ni malamin sakandare ne a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Maigatari, ina digiri na biyu a fannin tattalin arzikin noma a wata jami'a a Kano. Bincikena a kan manoman riɗi ne. An sanar da mu saura mako uku mai jarrabawa na waje ya zo mu kare kundinmu. Da mahaifina ya ji, sai ya sa walima kwana biyu bayan ranar, har ya sayo rago, ya sanar da dagaci da liman. Ni kuwa ban san su wa zan tarar a ɗakin ba, ban san me za su iya yankewa ba. Wani abokin aikina ya ce akwai wanda aka riƙe awa huɗu, daga ƙarshe aka kayar da shi. Abin da ya fi hana ni barci shi ne, jiya na ga a babi na uku na rubuta manoma 217, amma jadawalolin babi na huɗu 184 suke nunawa. Wani ya ce in cike sauran da hannuna, babu wanda zai gane. Ina neman shawara.

Wani malamin makaranta, daga Maigatari

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa a yi a sa'a.

Kada ka cike ko takarda ɗaya da hannunka. Da wannan zan fara, domin a duk abin da ka lissafa shi kaɗai ne zai iya raba ka da digirin gaba ɗaya. Giɓin mutum 33 gyara ne, ana yin sa cikin kwanaki. Amsoshin ƙirƙira kuwa laifin maguɗi ne, kuma jami'a tana da ikon korar ɗalibi a kansa, ko ta karɓe shaidar da ta riga ta bayar. Ban da wannan ma, an makara. Ba a sa ranar kare kundi sai bayan an aika wa mai jarrabawa na waje kwafinsa ya karanta, ya rubuto rahoto cewa aikin ya isa a zauna da mai shi. Ke nan 217 da 184 suna gabansa tun makonnin baya, wataƙila ma ya zagaye su da jan biro. Idan ka shigo masa da kwafin da alƙaluma suka sauya, kai da kanka ka nuna masa inda zai tona.

Ka riƙe wannan rahoton a ranka, domin akwai kwanciyar hankali a cikinsa. Kundin da ya lalace ƙwarai, yawanci tun daga can ake dawo da shi, a ce a gyara kafin a sa rana. Kai an sa maka rana. Ka kuma riga ka wuce matakai biyu, wato kare tsarin bincike a farko, da kare aikin a gaban malaman sashenku bayan ka gama. Wannan na uku shi ne na ƙarshe, kuma babban abin da ake son tabbatarwa a cikinsa shi ne kai ka yi aikin, ka san abin da ke ciki, ka san iyakarsa.

Mutanen da za ka tarar ba su da yawa, daga biyar zuwa bakwai ne a mafi yawan jami'o'inmu. Wanda ya fi kowa nauyi shi ne baƙon, wato mai jarrabawa na waje, wanda ɗalibai ke kira estana. Malami ne daga wata jami'a daban, masani a fanninka, galibi farfesa ko babban malami. Sashenku ne ke ba da sunansa, makarantar manyan digirori ta duba, majalisar jami'a ta amince. Ana ɗauko shi daga waje ne don kada sanayya ko gaba ta cikin gida ta shiga hukunci. Shi zai fara tambaya, shi zai fi daɗewa yana yi, kuma ra'ayinsa ne ke jan ragamar abin da za a yanke. Kada ka nemi lambarsa, kada ka aika masa kowa, kada ka kai masa tsaraba masauki. Jami'a ce ta gayyato shi, ita ke sallamarsa.

Sai mai jarrabawa na ciki, malami daga sashenku ko wani sashe na kusa, wanda ba shi ya duba aikinka ba. Ɗalibai sukan raina matsayinsa saboda sun saba ganin sa, alhali bayan baƙo ya koma garinsu, sau da yawa shi ake bar wa amanar tabbatar da cewa ka yi gyaran da aka ce. Duk abin da ya faɗa ranar, ka rubuta shi kamar yadda ya faɗa. Akwai shugaban zama, wanda a wurare da yawa shugaban sashe ne, a wasu kuma shugaban tsangaya. Shi ke buɗewa, ya ba da dama, ya tsayar da gardama, ya karanta maka hukunci. Akwai wakilin makarantar manyan digirori, wanda aikinsa lura da bin ƙa'ida ne, kuma yakan yi magana a kan tsarin rubutu da shafukan farko da jerin manazarta. Jami'in da ke kula da ɗaliban manyan digirori na sashe yakan zauna yana rubuta abin da aka tattauna.

Malaminka mai duba aikin shi ma zai zauna, amma ka cire rai da cewa zai amsa maka. A wasu jami'o'in ɗan kwamiti ne mai sa hannu, a wasu kuma halarta kawai yake yi, ba ya magana sai an nemi ya yi. Na sha ganin ɗalibi an jefa masa tambaya, sai ya juya yana kallon malaminsa. Wannan kallon yana yi wa ɗalibi illa fiye da amsar da ba ta cika ba, domin yana sa baƙo ya fara tunanin ko wani ne ya yi aikin.

Batun awa huɗu, ina kyautata zaton jira aka haɗa da jarrabawa. Baƙo yakan zo na kwana ɗaya ko biyu, a jera masa ɗalibai da dama, kowa a ce ya iso da safe. Wanda ya zo na ƙarshe a jeri zai wuni a baranda. Zaman kansa, a digiri na biyu, yakan ɗauki minti arba'in da biyar zuwa awa ɗaya da rabi. Na digirin dakta ne ke kai awa biyu zuwa uku. Za a ba ka kamar minti goma zuwa ashirin ka gabatar da aikin a taƙaice, sai tambayoyi su cinye mafi yawan lokacin, sannan a ce ka ɗan fita. Fitar nan kowa ana sa shi, ba alamar komai ba ce. Su tattauna na 'yan mintoci, su cike takarda, a kira ka a gaya maka. Tsawon zama ma ba ya nuna sakamako. Wani baƙon idan aiki ya burge shi ne yake daɗewa a kansa. Abin da nake so ka yi shi ne ka kwana a Kano daren ranar. Kada ka dogara da motar asuba daga Gumel.

Yanzu mu zauna a kan lissafin naka, domin nan ne aikin mako ukun yake. Adadin 217 shi ne abin da jadawalin Krejcie da Morgan na 1970, wanda masu bincike ke dubawa don sanin mutum nawa za su tambaya, ke bayarwa idan yawan mutanen da ake bincike a kansu 500 ne, don haka ina ganin daga nan ka ɗauko shi. Idan haka ne, babi na uku yana faɗin mutanen da ka yi niyyar tambaya, babi na huɗu kuma waɗanda amsarsu ta shiga lissafi. Babu mai binciken karkara da bai san wannan giɓin ba. Ka raba takarda lokacin yankan riɗi, wani yana gona, wani ya tafi cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis, wani ya amsa rabi ya tsaya da aka zo tambayar kuɗin da ya samu. Mutum 184 cikin 217 kusan kashi 85 cikin ɗari ne, kuma wannan adadi ne da ba a jin kunyar faɗinsa. Laifin kundin shi ne bai yi bayanin inda sauran suka shiga ba.

Ka ɗauko ainihin takardun tambayoyin, ka zauna ka ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Nawa ka raba, nawa suka dawo, nawa ka ajiye gefe saboda ba a cike su ba. A ce ka raba 217, guda 196 suka dawo, ka cire 12, saura 184. Wannan misali ne kawai, kai abin da takardunka suka nuna za ka rubuta. Daga nan sai ka bi jadawalolin babi na huɗu da kalkuleta, ka ga da wane adadi aka raba kowane kaso. Nan ne ɓarnar gaske take ɓuya. Idan manoma 92 suka ce tsadar taki ce babbar matsalarsu, a kan 184 rabi ne cif, kashi 50. A kan 217 kuwa kashi 42 ne da ɗoriya. Idan wani jadawalin ya bi wannan, wani ya bi wancan, to bayanin da ka gina a kansu ma ya karkace, kuma gara kai ka gano kafin a gano maka.

Tambaya ta gaba ita ce wadda gogaggen mai jarrabawa zai yi maka, don haka ka riga shi: su waye 33 ɗin nan? Idan sun watsu a duk ƙauyukan da ka je, uku nan, biyar can, babu abin damuwa sosai. Amma idan dukkansu daga ƙauye ɗaya ne da ruwa ya yanke hanyarsa, ko dukkansu mata ne da ba ka samu shiga gidajensu ba, to sakamakonka ba ya magana da yawun wannan ƙauyen ko matan, kuma dole ka faɗi haka a sashen iyakokin bincike. Faɗin hakan ba ya rage maka daraja. Ɗalibin da ya ce, "Ranka ya daɗe, a ƙauye kaza takarda shida kawai na samu cikin talatin, shi ya sa ban gina hukunci a kansa ba," ya nuna ya taka wurin da ƙafarsa. Wanda ya cike da hannunsa kuwa amsoshinsa sukan fito sumul, iri ɗaya, ba gargada, kuma wanda ya shekara ashirin yana karanta irin waɗannan jadawaloli yana gane su kamar yadda dillalin riɗi ke gane buhun da aka haɗa da yashi tun daga ɗagawa.

Idan ka gama, ka rubuta abin da ka gano a shafi ɗaya: lambar shafin da kuskuren yake, abin da ke rubuce, abin da ya kamata ya zama. Ka kai wa malaminka cikin makon nan, ido da ido in da hali, ko da sai ka nemi izinin kwana ɗaya a makaranta. Shi ya san al'adar sashenku, zai gaya maka ko a miƙa shafin ga kwamiti a farkon zama, ko ka riƙe shi sai an zo wurin. Ranar kuma ka shiga da kwafi iri ɗaya sak da wanda aka aika wa baƙo, domin da lambar shafi zai riƙa tambayarka. Ka sa ainihin takardun tambayoyin a jaka. Ba lallai a nema ba, amma idan aka nema ka zaro su, magana ta ƙare.

Wani abu ɗaya da zan so ka duba tunda ka buɗe kundin: ka jera manufofin da ka rubuta a babi na ɗaya, kowace ka nemo jadawalin da ya amsa ta a babi na huɗu da sakamakonta a babi na biyar. Idan manufa huɗu ka yi alkawari, uku ka amsa, wannan ya fi giɓin 33 nauyi nesa ba kusa ba.

Hukuncin da kwamiti ke iya yankewa yana rubuce a takardar da za su cike, kuma kusan iri ɗaya ne a ko'ina, sai dai wa'adi da ya bambanta daga jami'a zuwa jami'a. Akwai cin nasara ba tare da gyara ba, wanda da wuya ka ga an ba wani. Akwai cin nasara da ƙananan gyare-gyare, kuma nan ne akasarin ɗalibai ke faɗawa: kuskuren rubutu, manazartar da aka ambata a ciki amma babu ita a jeri, taken da ya yi tsawo, jadawalin da jimillarsa ba ta haɗu ba. Akan ba da makonni kaɗan zuwa kamar wata uku, malaminka da mai jarrabawa na ciki su duba su sa hannu, ba sai an sake zama ba. Idan lissafinka duk a kan 184 aka yi shi, bayani ne kawai ya ɓace, ina sa ran nan za ka tsaya.

Manyan gyare-gyare su ne idan abin ya taɓa ƙashin bayan aikin, kamar a ce a sake nazarin alƙaluma saboda hanyar da aka bi ba ta dace ba, ko a sake rubuta babi sukutum, ko a amsa manufar da aka tsallake. Wa'adin yakan kai wata uku zuwa shida, kuma wani lokaci baƙo yakan ce sai an mayar masa ya gani da idonsa kafin ya sa hannu. Wannan ma ba faɗuwa ba ce, jinkiri ne. Sama da shi akwai a ce ka gyara ka sake miƙawa a sake zama da kai, wanda kan faru idan sai an koma fili neman ƙarin bayanai, ko ɗalibi ya kasa bayanin abin da ke cikin kundinsa. Na ƙarshe shi ne ƙin karɓar aikin ɗungurungum. Ba kasafai ake kaiwa nan ba, kuma abin da ya fi kai mutum shi ne satar rubutun wani, ko alƙaluman ƙarya, ko ya bayyana cewa an rubuta masa ne. Ka ga inda shawarar mutumin nan za ta ɗauke ka daga hukunci na biyu ta kai ka na biyar.

Idan aka karanta maka hukunci, ka yi godiya, sannan ka tambaya cikin ladabi: wa zai duba gyaran, kuma zuwa yaushe? Ka nemi a ba ka kwafin da baƙo ya yi rubutu a ciki, ko jerin gyaran a rubuce. Kada ka dogara da abin da ka riƙe a ka, domin mutum yana fita daga ɗakin nan rabin abin da aka faɗa ya bi iska. A lokacin tambayoyi kuma, inda kake da hujja ka tsaya a kanta, ka nuna shafi. Inda aka kama ka da kuskure ka ce ka karɓa, za ka gyara. Inda ba ka sani ba ka ce ba ka duba wannan ɓangaren ba. Musu a kan abin da ke bayyane yana iya mayar da ƙaramin gyara babba.

Sai maganar Baba, Allah ya ƙara masa lafiya. Farin cikinsa na gaskiya ne, kuma bai kamata ka kashe masa shi ba. Amma kada ka bar shi ya tsaya gaban dagaci da liman yana cewa ɗansa ya karɓo digiri, alhali ko da komai ya tafi daidai, ranar ba za ka dawo da takarda a hannu ba. Ka same shi bayan sallar isha, ku biyu, ka ce masa, "Baba, wannan zama da za a yi jarrabawar baki ce. In Allah ya sa na haye, akwai gyara da za a ba ni, sannan sai manyan makaranta sun zauna sun amince kafin takarda ta fito. Ina so a yi walimar lokacin da zan ɗora maka takardar a hannu." Yawancin iyaye idan aka yi musu bayani haka suna karɓa, rago kuma ƙiba zai ƙara. Idan ya ce shi ya riga ya faɗa ba zai janye ba, kada ka ja da shi. Ka roƙe shi a mai da taron na addu'a da sauka, a ce yaro ya je jarrabawarsa ta ƙarshe ya dawo lafiya, ana neman Allah ya cika. Da wannan lafazin, ko ƙaramin gyara aka ba ka ko babba, babu maganar da za ta dawo ta ba wani kunya. Ranar zaman kuma kada a ɗebo 'yan'uwa a mota zuwa jami'a. A wurare da yawa ba a barin kowa ya shiga sai kwamiti da ɗalibi, wani lokaci da sauran ɗaliban sashe.

Na fi jin tsoron watannin bayan zaman fiye da zaman kansa, musamman ga malamin makaranta da ke zaune nesa da jami'a. Mutum ya dawo gida, an yi ta yi masa barka, aji yana jira, gona tana jira, sai kundin ya kwanta a kan durowa har wa'adi ya wuce. Wanda ya bar wa'adi ya wuce yana iya biyan kuɗin rajistar wata shekara, wani ma a ce sai an sake zama. Ka fara gyaran a makon farko, tun maganganun suna da ɗumi. Ka yi jadawali mai gida uku: abin da aka ce, abin da ka yi, da shafin da ka yi shi. Mai duba gyara idan ya ga haka, cikin zama ɗaya yake sa hannu.

Bayan sa hannu ne za ka ɗaure kundin da bango mai tauri, da launi da adadin kwafin da jami'arku ta ƙayyade. Kada ka ɗaure kafin a ce ka ɗaure, asarar kuɗi ce. Daga nan sakamakon zai bi ta sashe, ya je kwamitin makarantar manyan digirori, sannan majalisar jami'a ta amince, kuma kowannensu yana da ranakun zamansa, don haka watanni na iya shiga tsakani. Idan kana da niyyar kai takardar ma'aikatar ilimi a Dutse don ƙarin girma, takardar shaidar sakamako da ke fitowa bayan amincewar majalisa ita ake karɓa, ba labarin cewa an kare kundi ba. Tun yanzu ka je ofishin jami'in ɗaliban manyan digirori na sashenku, ka nemi littafin ƙa'idojin makarantar, ka duba wa'adin kowane irin gyara da idonka, ka kuma tabbatar babu sauran kuɗin makaranta a kanka, domin bashin rajista yana riƙe sakamakon mutum ko da kowa ya sa hannu.